Bayan Sallama, Sai Me?

Wata rana da hantsi ina zaune a wata rumfa a Ɗaki Takwas, inda matafiyin da ya taso daga Anka ya nufi Gummi yakan tsaya ya jiƙa maƙoshi, sai ga wani saurayi wanda shekarunsa ba za su wuce ashirin ba ya zo ya tuɓe takalmansa nesa da tabarma, ya durƙusa gaban wani dattijo da ke jan carbi, ya yi sallama cikakkiya da murya mai ladabi. Dattijon ya amsa masa, har ya ƙara da rahama da albarka, sa'an nan ya ɗaga kai yana sauraron abin da zai biyo baya. Ba abin da ya biyo. Saurayin ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da tsinke, dattijon ya dube shi, ya dubi hanya, ya koma ga carbinsa, aka ɗauki lokacin da za a iya karanta Fatiha sau uku ba wanda ya ce uffan, har dai yaron ya miƙe ya ce, "To, Baba, sai an jima," ya sa takalmansa ya tafi. Da ya yi nisa sai dattijon ya juyo gare ni ya ce, "Wannan yaro da magana a bakinai, amma ya koma da ita gida."

Ban ga rashin tarbiyya ga wannan yaro ba ko kaɗan, domin duk abin da aka koya masa ya cika shi, daga tuɓe takalmi har sunkuyar da kai. Abin da ya rasa shi ne sanin cewa sallama ƙofa take buɗewa, shiga ɗakin kuma wani aiki ne dabam. Shi ya sa na ga ya dace in yi muku wannan nasiha, ya ku 'ya'yana da ƙannena, musamman da yake na lura wannan tsayawa ta yawaita a tsakaninku, a gaban manya da kuma a waya, inda ɗayanku zai aika wa malaminsa ko kawunsa da haruffa uku, "Slm", a amsa masa, sa'an nan ya yi tsit, ya bar bawan Allah riƙe da waya yana tunanin ko lafiya.

Dalilin tsayawar yana cikin ginin sallamar kanta. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya sani, sun ce fara sallama sunna ce, mayar da ita kuwa wajibi ne, aya ta 86 ta Suratun Nisa'i ma ta yi umurni a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko da irinta. Ashe ke nan wanda ya yi sallama bashi ya ɗora wa ɗan'uwansa, wanda ya amsa kuma ya biya nan take, kuma da zarar an biya, ba sauran wanda ke bin wani kome. Magana kuwa ba ta tafiya sai in akwai abin da ɗaya yake jira daga ɗaya. Da mai amsa ya rufe baki, juyi ya komo kan wanda ya fara, tun da shi ne ya taso ya zo, shi ne kuma ya san abin da ya kawo shi. In ya yi shiru, ya bar mai amsa da zaɓi biyu, kuma duka biyun ba daɗi gare su. Ko dai ya ce, "Lafiya dai?", wadda takan fito kamar tuhuma ko da ba haka ya nufa ba, ko kuma ya yi shiru shi ma, a ce masa mai girman kai. Yaron Ɗaki Takwas yana ganin kunya yake yi, alhali kaya ya ɗauka ya aza wa tsoho.

Kakanninmu sun hango wannan rami tun da daɗewa, sai suka shimfiɗa masa gada, wato jerin tambayoyin nan da kowane Bahaushe ya haddace tun yana ƙarami. Ina kwana, lafiya lau, ko kuwa lahiya lau kamar yadda bakinmu na Zamfara yake faɗa. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. In damina ce a ce ina ruwa, a amsa ya yi gyara, ko da kuwa jiya ya rushe wa mutum katanga. In hunturu ne a ce ina sanyi, a amsa lokacinsa ne. Na sha jin 'yan makaranta suna raina waɗannan tambayoyi, wai tun da an san amsar kafin a yi tambayar, ɓata lokaci ne kurum. Wani masanin halayyar al'umma mai suna Malinowski ya rubuta a 1923 cewa akwai irin maganar da ba don isar da labari ake yin ta ba, sai don ɗaure zumunci tsakanin masu yin ta, kuma ana samun ta a kowace al'umma. Amma ni ina ganin gaisuwarmu ta wuce nan, domin tana ɗauke da labari, sai dai ba a cikin kalmomin yake ba. Mutumin da ka ce wa "Ina gida?" ya amsa "Lafiya lau" da sauri yana murmushi, da wanda ya ja numfashi tukuna ya ce "To, alhamdu lillahi," amsa ɗaya suka ba ka a zahiri, amma mai kunne ya ji abu biyu. Labarin zuciya, an ce, a tambayi fuska, kuma waɗannan tambayoyi lokaci suke saya maka ka dubi fuskar, ka auna ko yau ranar kawo buƙata ce ko ranar gaisuwa ce kaɗai.

Sai dai ita ma wannan gada tana da ƙarshe. Tambayoyin haddar ba su fi biyar ko shida ba, kowace kuma amsarta rufaffiya ce, in sun ƙare sai a faɗa cikin "Sannu," "Yauwa, sannu," "Madalla," "To, madalla," ana ta juya su kamar mai dama kunun da ba gari, har ɗayan ya gaji ya dubi agogo. A nan ne, bayan sallama da tambayoyin haddar, ake buƙatar tambaya ta uku, wadda ba a haddace ta, wadda ba za a iya yi wa kowa ita ba sai wannan mutumin, a wannan wuri, a wannan rana. A kanta nake so in daɗe, kuma zan kawo misali guda in bi shi daki-daki.

A ce mahaifinka ya aike ka wurin kawunka a fadamar Gummi, bayan ruwan Gulbin Zamfara ya ja baya da kaka, ka roƙo masa dashen albasa domin nasa irin bai tsira da kyau ba. Hausawa suna zolayar mai gaisuwa da roƙon iri, to ga ka nan an aike ka roƙon iri na zahiri, kuma yadda za ka yi kada gaisuwarka ta zama abin zolayar shi ne ka ba ta haƙƙinta cikakke kafin roƙon. Ka iske shi a durƙushe yana gyaran bakin fangali. Ka yi sallama, ka ce, "Kawu, sannunku da aiki. Kun tashi lafiya? Ina gajiya? Ina su Inna?" Ya amsa duka, shi ma ya tambaye ka mutanen gida. Yanzu ga ramin nan a gabanka, kuma kana da hanya uku. Kana iya yin shiru, kamar yaron da na ba ku labari. Kana iya faɗawa kai tsaye, "Baba ya ce ku ba shi dashe," wanda zai sa duk gaisuwar da ka yi ta zama kamar kuɗin shiga. Ko kuwa ka ɗaga ido ka dubi abin da ke gabanka, ka ce, "Kawu, na ga bana kun matso da fangullan kusa da gulbi, ba inda kuka yi bara ba."

Ku lura, wannan magana ko siffar tambaya ba ta da ita, amma ta fi tambaya goma aiki, saboda dalilai da zan faɗa. Ta nuna masa ka taɓa zuwa, ka kuma riƙe abin da ka gani. Ta taɓa abin da hannunsa ke ciki a wannan sa'a, wanda ya fi ka sani nesa ba kusa ba, kuma ba dattijon da ke ƙin a tambaye shi abin da ya ƙware a kai. Sa'an nan ba ta matse shi ba: in yana son magana zai ce maka wancan wurin ruwa ya daɗe kwance a kansa, ko kuwa man injin ban-ruwa ya yi tsada har ya ga gara ya rage nisan da ruwan zai bi, in ba ya so, ya ce "Haka Allah ya nufa," ba wanda ya ji kunya. To, a ce ya ambaci tsadar mai. Kada ka bar wannan zare ya faɗi ka ɗauko wani sabo, domin wannan shi ne kuskuren da masu ƙoƙari suka fi yi, su yi ta jero tambayoyi marasa dangantaka kamar mai cika takardar asibiti. Kama kalmar da ya ba ka, ka ɗora ɗan naka labari a kai: "Wallahi mu ma haka, Baba sau biyu kawai yake ba da ruwa a mako yanzu, ina jin ma shi ya sa irinmu bai yi kyau ba." Ka ga yanzu buƙatarka ta iso bakin ƙofa da ƙafarta, ba ka jawo ta ba, kuma sau da yawa kafin ka ƙarasa kawun zai ce, "Af, to ai ga dashe nan ya yi mini yawa, ka ɗebar masa." Ka sami abin da ka zo nema, shi kuma ya sami ladar wanda ya bayar ba a roƙe shi ba, wadda ta fi daɗi a zuciyar mai kyauta.

Wannan ɗora naka labari kafin ka nemi na wani, ina ganin shi ne mafi taushin dukan dabarun, kuma shi ne aka fi mantawa. Tambaya tsura karɓa ce, wanda ya fara cewa, "Mu can wajenmu gero ya yi, amma dawa ta sha tsutsa," sa'an nan ya ce, "Ku fa nan?", ya riga ya ajiye nasa a faifai, ɗan'uwansa ba zai ji ana leƙa masa rumbu ba.

Amma fa ba kowace tambaya ce ke raya zance ba, akwai wadda ke kashe shi fiye da shiru, kuma iyakar da ke tsakanin kulawa da tajassusi, wanda Suratul Hujurati ta hana, siririya ce ƙwarai. Ka'idar da na koya daga manya ita ce a tambayi hali, kada a tambayi adadi. Ka ce yaya amfanin gona, kada ka ce dami nawa aka samu. Ka ce ina dabbobi, kada ka ce shanu nawa suka rage. Ka ce yaya kasuwa, kada ka ce nawa ka sayo. Ba a tambayar mace ko tana da juna biyu, ba a sa uwa ta ambaci sunan ɗanta na fari, ba a tambayar magidanci matarsa da sunanta, sai a ce ina iyali, ko ina mutanen gida. A 'yan shekarun nan kuma, da fitinar 'yan bindiga ta addabi ƙasarmu, an sami ƙarin wasu tambayoyi waɗanda dā ba kome ba ne, yanzu kuwa suna sa a ɗaure maka fuska: wace hanya za ka bi, yaushe za ka koma, a ina kake kwana, wane ne ya sayar da shanu ranar kasuwa. Baƙon da ya yi wa mutumin ƙauyen Bukkuyum irin waɗannan, ko da zuciyarsa fari fat take, ya jawo wa kansa zargin kai rahoto, kuma zai ga an ba shi amsa da kalma ɗaya an tashi an bar masa tabarma. In kana son nuna damuwarka da tafiyar mutum, addu'a ta wadatar: Allah ya kiyaye hanya, Allah ya sauke ku lafiya.

Akwai kuma inda tambayar haddar kanta take zama ƙaya, kuma wannan a jikina na koye shi. A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, sanadiyyar niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, har aka ba da rahoton rasuwar yara wajen 400, na haɗu da wani tsohon abokina a Anka, na yi masa gaisuwa yadda baki ya saba, har na kai ga "Ina yara?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Waɗanda suka rage suna lafiya." Ban san an yi masa rashi ba, amma na san daga inda ya fito, na kuma san abin da ke faruwa a can, saboda haka uzurina gajere ne. Abin da ya kamata in ce shi ne, "Yaya muka ji da wannan jarrabawa?", tambayar da ke sa ni da shi cikin abu ɗaya, ta kuma bar masa zaɓi ya buɗe ko ya rufe. Haka nan wanda ya baro ƙauyensa yana zaman gudun hijira a cikin garin Anka, "Ina gida?" tana iya tsaya masa a maƙogwaro, ka ce masa "Ina baƙunta?" ko "Yaya haƙuri?", in ya amsa ya ci gaba da kansa ka saurara, in ya tsaya ka tsaya tare da shi. A zaman makoki ma, bayan "Yaya haƙuri?" da addu'a, shiru shi ne ladabi, wanda ya shiga neman yadda zai raya hira a can bai fahimci wurin ba.

Wani zai ce, to ai a al'adarmu yaro ba ya yi wa babba tambayoyi, babba ne ke tambaya. Akwai gaskiya a nan, kuma ban zo in rushe ta ba. A fada, gaban Sarkin Zamfaran Anka ko wani basarake, faɗuwa za ka yi ka yi gaisuwa, fadawa su amsa maka, ba kuwa za ka ce wa sarki ina gajiya ba. A gaban malami ko suruki ma ana taƙaitawa. Amma taƙaita tambaya dabam, barin mutum cikin duhu dabam, domin akwai jimla ɗaya da ba ta saɓa wa kowace irin kunya, ita ce faɗin abin da ya kawo ka. "Baba ne ya aiko ni in gaishe ku." "Malam, wata mas'ala ce ta shige mini duhu, in kuna da sarari." Ko kuwa, in babu kome, "Dā ma wucewa na zo yi, na ce ba zan wuce ban gaishe ku ba." Wannan ta ƙarshe ita ce maganin da yaron Ɗaki Takwas ya rasa ko da a ce ba shi da wata buƙata, domin tana sauke wa babba nauyin zato, ta ba shi damar ya sa maka albarka, ko ya jawo ka da tasa tambayar in ya ga dama. A waya ma hukuncin ɗaya ne, har ya fi ƙarfi, tun da ba fuskar da za a karanta: haɗa sallamarka da gaisuwarka da dalilinka a saƙo guda, ka kuma faɗi ko kai wane ne in ba ka tabbata yana da lambarka ba, domin ya amsa lokacin da ya sami sukuni ba tare da ya zauna yana jiran ka ba.

Ku kuma da ake gaisarwa, wato in ƙaramin ne ya zo gabanku ya daskare, tun da wata rana ku ne manyan, kada ku ce masa "Me ke tafe da kai?" tun bai huce ba. Ku miƙa masa igiya mai sauƙin kamawa, irin su "Ɗana, daga gida kake ko daga makaranta?", wadda amsarta kalma ɗaya ce kuma ba ya iya kuskure a cikinta, daga nan harshensa zai warware. In kuwa kun yi tambaya ta uku sau biyu, amsa tana dawowa gajera, mutum yana duban gefe ko ya koma ga aikin hannunsa, to ya faɗa muku yau ba ranar zance ba ce, sai ku rufe da addu'a da saƙon gaisuwa ga mutanen gida, ku tashi tun ana jin daɗinku.

Shi dai dattijon nan na rumfa, da na tambaye shi me ya hana shi jawo yaron tun da ya gane da magana a bakinsa, sai ya yi dariya ya ce ai ya san maganar, jikarsa yaron yake so, kuma yana so ya ga ko zai iya buɗe baki da kansa kafin ya turo manyansa. Ya ce wannan zuwa na uku ke nan. Motar Gummi ta cika, yaron mota yana ta buga mata gefe, na yi masa sallama na tashi, na bar shi yana duban hanyar da saurayin ya bi.